Hujja ta tsaya daidai, natija kuma ƙarya: amsoshi ga ɗaliban manɗiƙi

Malam, idan hujja ingantacciya ce, ta yaya natijarta za ta zama ƙarya?

Domin ingancin na siga ne kawai. Duba nan: duk tsuntsu yana tashi sama, jimina tsuntsu ce, saboda haka jimina tana tashi sama. Sigar ba ta da aibi, amma wa ya taɓa ganin jimina a sama? Muƙaddima ta farko, wato ta farko cikin maganganun da aka gina natija a kansu, ita ce ƙarya. Alkawarin siga ɗaya ne: in muƙaddimomi duka gaskiya ne, natija ba ta da mafita sai ta zama gaskiya. Ba ta ce maka gaskiya ne su ba.

To mene ne hujja lafiyayya?

Wadda ta haɗa biyu: siga ingantacciya da muƙaddimomi na gaskiya, dukkansu. Ita ce natijarta ba ta taɓa zama ƙarya. Na maimaita wannan har makogwarona ya bushe.

Wannan ba sabon abu ne na 'yan boko ba?

A'a. Wanda ya karanta Sullamu na Al-Akhdari a zaure, littafin manɗiƙi na ƙarni na 16, ya wuce ta inda aka ce kuskuren hujja ko dai a madda yake ko a sura. Sura ita ce siga, madda kuwa abin da aka zuba a cikinta. Aristotle, masanin falsafa na Girka, ya riga su da ƙarnoni masu yawa.

Wani ya kawo mini hujja, na san natijar ba daidai ba ce, amma na kasa gano inda ta karye. Yaya zan yi?

Nan sai a bi a hankali, kuma ba zan ce maka kullum ana dacewa ba. Fara da siga. Cire kalmomin ka sa haruffa: duk A, B ne, C kuwa A ne, saboda haka C, B ne. In ka samu misali ko ɗaya da wannan siga inda muƙaddimomi gaskiya ne natija ƙarya, to sigar ce ta lalace. In sigar ta tabbata, kuma natija ƙarya ce da gaske, dole akwai muƙaddimar ƙarya, ko da ba ka gan ta ba tukuna.

Ni wurin da nake fara leƙawa shi ne kalmar “duk”. Ga lissafin nan da ake dangantawa da masanin lissafi Euler: `n² + n + 41`. Sa 0, ka samu 41. Sa 1, ka samu 43, sai 47, sai 53. Kowace lamba a cikinsu ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da kanta, kuma haka abin yake tafiya har zuwa 39, inda za ka samu 1601. Ɗalibi ya gwada ashirin ya gaji, sai ya rubuta: duk lambar da ta fito daga wannan lissafi ba ta rabuwa, 1681 ta fito daga shi, saboda haka 1681 ba ta rabuwa. Alhali 1681 ita ce 41 sau 41, kuma tana fitowa ne da ka sa 40. Sau arba'in a jere muƙaddimar ta yi kama da gaskiya, na arba'in da ɗaya ya tona ta. Siga ba ta yi laifin komai ba.

In “duk” ta tsira, duba kalmar da ta maimaitu a muƙaddimomi biyu. Fari yana kashe amfanin gona. Alli fari ne. Saboda haka alli yana kashe amfanin gona. A baki ba mai ruɗuwa, amma a rubuce farin rashin ruwa da farin launi kamarsu ɗaya. In ka ba kalmar ma'ana biyu, siga ta rushe. In ka tsare ta a ma'ana ɗaya, muƙaddima guda ta zama ƙarya.

Sai dai kuma, kafin duk wannan, ka tabbata sani ka yi cewa natijar ƙarya ce, ba ƙin ta kake yi ba kawai. Wani lokaci hujjar lafiyayya ce, kai ne za ka sauya ra'ayi. Manɗiƙi ba zai raba maka wannan gardama shi kaɗai ba. Sai ka je ka auna, ko ka tambayi masanin fannin.

Idan na gano muƙaddima ƙarya ce, natija ma ta faɗi ke nan?

Kada ka yi gaggawa. Duk kifi yana tashi sama. Shaho kifi ne. Saboda haka shaho yana tashi sama. Muƙaddimomi biyu ƙarya, natija gaskiya. Hujjar ce ta faɗi, maganar shaho tana nan.

To mene ne amfanin siga tunda tana iya kai mutum ga ƙarya?

Haba. Ita ce ta nuna maka inda za ka nemi laifin. Da ka ga jimina a ƙasa, sai ka koma ka goge “duk tsuntsu”.