Ma'anar sikirif na mai magana ga kyamara

Idan ka ga mutum shi kaɗai a bidiyo, daga ƙirji zuwa kai, yana kallonka ido cikin ido yana zuba bayani na minti uku babu tuntuɓe babu "e-e-e", to da wuya a ce hadda ya yi. Yawanci karantawa yake. Abin da yake karantawa shi ne masu aikin talabijin da na bidiyo suke kira sikirif, watau rubutun da aka tsara domin baki ya furta, kunne ya ji. Na'urar da take nuna masa rubutun kuwa sunanta telifuromta.

Na'urar ba wani abin mamaki ba ce. Gilashi ne aka karkata a gaban idon kyamara, allo yana kwance a ƙarƙashinsa yana nuna rubutu a juye, gilashin ya mayar da shi daidai ga mai karatu, kyamara kuma tana leƙowa ta bayansa ba tare da ta ɗauki rubutun ba. A Amurka aka fara ta wajen 1950, da naɗaɗɗiyar takarda mai juyawa, kuma Hubert Schlafly na cikin waɗanda suka ƙera ta. A Birtaniya an fi saninta da sunan kamfanin Autocue. Yau manhaja a waya tana yin aikin.

Abin da ya raba wannan rubutu da na jarida shi ne mai sauraro ba ya iya komawa baya. Jimlar da ta wuce, ta wuce. Shi ma mai gabatarwa layi uku ko huɗu kawai yake gani a lokaci guda, bai san inda doguwar jimla za ta sauke shi ba. Saboda haka ake gajarta jimloli, kowace ta ɗauki magana ɗaya, kuma ta ƙare kafin numfashi ya ƙare. Lambobi ana rubuta su yadda za a faɗe su. Wanda ya ci karo da 2,500,000 a kan gilashi sai ya tsaya ƙirga sifiri, amma idan ya ga "miliyan biyu da rabi" bakinsa zai wuce kawai.

Sai alamomi. Babu wata doka guda da kowa yake bi, kowace tasha da al'adarta, amma waɗannan sun yaɗu: sanda ɗaya a karkace ɗan tsayawa ce ta shan iska, sanda biyu tsayawa ce sosai kamar daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, manyan baƙaƙe suna nuna kalmar da za a danna, abin da ke cikin baka kuwa umarni ne, ba a furta shi. Ga misali daga bidiyon koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa:

```
Ki samu ruwa mai tsafta, / lita ɗaya. //
Sukari, / ƙaramin cokali SHIDA, a shafe. //
[ɗaga cokali]
Gishiri kuwa, / RABIN cokali kawai. //
Rabi, / ba cikakke ba. //
```

Duba inda aka ɗora nauyi. Ba a danna "sukari" ko "gishiri" ba, don uwar da ke kallo ta riga ta san da su za a haɗa. Abin da zai iya kuɓuce mata shi ne adadi, kuma gishirin da ya yi yawa yana iya cutar da yaron. Don haka aka danna "rabin", aka yi shiru bayansa, aka sake maimaita shi. A takarda wannan maimaici zai zama kamar ɓata wuri, amma a kunne shi ne yake maye gurbin komawa baya. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne su cika shafi da manyan baƙaƙe, kowace jimla kalma uku. Sai ka ji mai gabatarwa yana ta daka kamar mai tallan maganin gargajiya a tasha, kuma babu kalmar da ta fita daban. Ni dai ba na wuce ɗaya a jimla, jimloli da yawa ma babu ko ɗaya.

Akwai kuma matsalar da ta shafi Hausa sosai. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na iya zama birni, na iya zama na tuwo. "Fari" na iya zama launi, na iya zama rashin ruwan sama. "Ya tafi" labari ne idan ka ja wasalin, umarni ne idan ka gajarta shi ka saukar da murya. Mai karanta littafi yana da sauran jimlar a gabansa, ita za ta warware masa. Mai karanta gilashi sau da yawa sai ya furta kalmar kafin ragowar ta hau. Maganinsa a rubutu yake: a sa abin da zai fayyace ma'ana tun da wuri, a ce "garin masara", a ce "farin da aka yi bana", ko a canja kalmar gaba ɗaya. Haka nan a gwada manhajar kafin ranar ɗauka, domin wasu salon haruffan ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai su fito da ɗan akwati a gurbinsu. Idan kuma aka cire lanƙwasar don gudun haka, "ƙafa" ta koma "kafa", "ɗaki" ya koma "daki".

Batun sauri, za ka ji ana cewa kalma 150 a minti, wasu masu labarai su ce kalma uku a daƙiƙa. Da Turanci aka auna waɗannan. Hausa cike take da ƙananan kalmomi irin su ya, ta, na, da, waɗanda suke kumbura lissafi alhali ba sa cin lokaci, don haka gara mutum ya auna kansa. Ka ɗauki sakin layi, ka karanta da ƙarfi da muryar da za ka yi aiki da ita, agogo na tafiya. A ce kalma 70 ta ci maka daƙiƙa 30, saurinka 140 ke nan a minti. Idan bidiyon na minti ɗaya ne kuma ka sa doguwar tsayawa takwas, kowace daƙiƙa ɗaya da rabi, an tafi da daƙiƙa 12. Saura 48, watau kalma 112 ko kusa da haka. Wanda ya rubuta 140 cif zai tarar ko ya zarce lokaci, ko ya haɗiye tsayawar da ya sha wahalar sawa.

A situdiyo akwai mai juya rubutun, kuma ƙa'idar ita ce shi yake bin mai magana: ka tsaya ya tsaya, ka yi sauri ya ƙara. Mai aiki shi kaɗai da waya sau da yawa ba shi da wannan gata, rubutu yana hawa da gudu ɗaya ko ya yi shiru ko bai yi ba. Dabarar ita ce a mayar da shirun ya zama fili: duk inda aka sa sanda biyu, a bar layi ɗaya ko biyu babu komai, yadda na'urar za ta cinye lokacin tana jan farin wuri.

Ana gane wanda rubutu ya fi ƙarfinsa daga kallo ɗaya. Murya tana miƙewa babu hawa babu sauka, ƙarshen jimla yana tsinkewa saboda ido ya riga ya tsallaka gaba, ƙwayar ido kuma tana kai da komo daga hagu zuwa dama. Wannan na ƙarshen ba laifin mai karatu ba ne, layin ne ya yi faɗi ko kyamara ta matso da yawa. A rage faɗin layi zuwa kalma huɗu ko biyar, a ja kyamara baya a zuƙo hoton, motsin idon zai ragu har mai kallo ya daina lura da shi.