Kofin tangaran ɗaya na iya hana tan uku na kwalba shiga tanderu

A Jamus, tankunan zuba kwalabe a bakin titi uku ne: na farare, na koraye, da na masu ruwan ƙasa. Kofin tangaran da gilashin taga kuwa ba su da wuri a ko ɗaya. Baƙo kan ɗauka tsananin son tsari ne kawai, amma akwai doka a bayan abin.

Ƙa'idar Tarayyar Turai mai lamba 1179 ta shekarar 2012 ta fayyace lokacin da ɓarzajjen gilashi zai tashi daga matsayin shara ya zama kayan da masana'anta za ta saya ta narkar. Sharaɗin da ya fi ba da wuya shi ne na tangaran da dutse: idan ɓarzon ya wuce milimita 1 a girma, kada su haura giram 100 a kowane tan. Yi lissafi da kofin shayi mai nauyin giram 300. Shi kaɗai ya cinye rabon tan uku.

Me ya sa tsananin? Tanderun masana'anta yana kaiwa zafin digiri 1,500 a ma'aunin salshiyos. Gilashin kwalba yana narkewa ya zama kamar zuma, tangaran kuwa ba ya narkewa gaba ɗaya. Sai ɗan guntunsa ya maƙale a jikin sabuwar kwalba kamar tsakuwa a tuwo. Da kwalbar ta fara hucewa, gilashin da tsakuwar ba sa tsukewa daidai da juna, sai tsaga ta fito a gefenta. Wata kwalbar tun a masana'anta take fashewa, wata sai an ɗura mata lemo mai gas. Ana tace ɓarzon kafin ya shiga tanderu: maganaɗisu ya kwashe murafen ƙarfe, na'ura ta haska kowane guntu, wanda haske bai ratsa ba iska ta fyaɗo shi waje. Gilashin girki mai jure wuta shi ne ɗan zamba, domin haske yana ratsa shi, ya kan wuce tare da na kirki.

Gilashin taga kuma ƙa'idar ba ta hana sake narkar da shi ba, tankin kwalba ne kawai ba wurinsa ba. Haɗinsa ya ɗan bambanta, kuma sau da yawa yana zuwa da roba a tsakiya, ko waya, ko wani shafi a fuskarsa. Ana kai shi wurin tara shara na gari.

Launi ba ya ƙonewa a wuta, shi ya sa ake rabawa tun daga titi. Farin gilashi ba ya jure gauraye ko kaɗan, kore ya fi haƙuri. Saboda haka shuɗiyar kwalba ko ja, tankin koraye ake jefa ta.