Kaso 8 cikin ɗari na rabon riba: garaɓasa ce ko tarko?

Na ga hannun jarin wani kamfani yana ba da kaso 8 cikin ɗari a shekara, wani kuma kaso 4 kacal. Ba na farkon ya fi ba?

Kada ka yi saurin yanke hukunci. Wannan adadi, wanda manhajojin hannun jari ke rubutawa da Dividend Yield, lissafi ne mai sauƙi: kuɗin da kamfani ke raba wa kowane hannun jari a shekara, a raba shi da farashin hannun jarin a yau. Yana gaya maka abin da za ka samu a kan kuɗin da ka zuba, idan har rabon bai canza ba. A wannan sharaɗin matsalar take.

A ce hannun jari dala 50 ne, kamfanin yana raba dala 2 a shekara, wato kaso 4. Sai ciniki ya ja baya, masu jari suka tsorata, farashi ya faɗi zuwa dala 25. Kamfanin bai ƙara ko sisi ba, amma yanzu allo na nuna kaso 8. Adadin ya ninka ne saboda kasuwa ta fara shakkar kamfanin.

To ta yaya zan san ko za su iya ci gaba da biya?

Sai ka duba adadi na biyu, Payout Ratio, wanda babu ruwansa da farashin kasuwa. Shi yana tambaya ne: cikin ribar da kamfani ya ci, nawa ya raba? A ce kamfanin nan da farko yana cin ribar dala 4 a kan kowane hannun jari, yana raba 2. Rabi ke nan, kaso 50. Ko riba ta ragu da kashi ɗaya bisa uku, akwai abin biya, har da ragowa.

Bayan cinikin ya lalace, riba ta koma dala 1.60, amma ana nan ana raba dala 2. Raba 2 da 1.60, ka sami kaso 125. Kamfanin na rabon abin da bai samu ba. Giɓin santi 40 ɗin nan dole ya fito daga wani wuri: ajiya, ko bashi, ko sayar da kadara. Shekara ɗaya ana iya jurewa, musamman idan asarar ta lokaci guda ce, amma idan aka yi shekara uku a jere ana haka, sai ka sa ran za a rage rabon. Shugabannin kamfanoni kuwa ba sa son rage rabo, domin farashi na faɗuwa ranar da aka sanar, don haka sukan ja lokaci har sai tura ta kai bango. Kamfanin General Electric na Amurka ya rage rabonsa na wata uku-uku daga santi 24 zuwa 12 a Nuwamban 2017, shekara guda bayan haka ya mayar da shi santi 1. Farashinsa ya riga ya yi ta zubewa tun kafin sanarwar farko, wanda ya saya don kason da ke hawa a allo bai ji da daɗi ba.

Ke nan duk wanda ke ƙasa da kaso 100 lafiya lau ne?

A'a. Ribar da ke cikin rahoto ba ita ce tsabar kuɗin da ke asusu ba. Ana iya rubuta riba a kan kayan da aka bayar bashi, kuɗin bai shigo ba, alhali da tsaba ake biyan masu hannun jari. Ni dai nakan buɗe shafin shigar kuɗi da fitarsu, in ɗauki tsabar da harkar ta samar, in cire abin da aka kashe kan injuna da gine-gine, sannan in gwada ragowar da jimillar rabon. Idan ragowar ba ta kai ba, ban damu da kyan kaso 70 da ke rubuce ba.

Irin sana'ar ma na da tasiri. Kamfanin lantarki ko ruwa, mai kuɗin shiga kusan iri ɗaya kowace shekara, zai iya raba kaso mai yawa ya zauna lafiya. Na man fetur kuwa, kaso 40 na shekarar tsada kan iya zarce 100 idan farashin ganga ya karye. Shell ya rage rabonsa daga santi 47 zuwa 16 a Afrilun 2020, karo na farko tun yaƙin duniya na biyu.

Idan kason da ake rabawa cikin ribar ya yi ƙasa sosai fa, kamar 15?

Wannan bai cika fuskantar ragi ba, kuma akwai damar ƙari. Abin dubawa shi ne inda sauran 85 ɗin ke tafiya, da ko ribar kamfanin na ƙaruwa shekara bayan shekara saboda su.