Ɗigo-ɗigo da canjin jijiyoyi a hoton bayan idon mai ciwon suga

Hoton bayan ido hoto ne da ake ɗauka da kyamara ta musamman ta cikin ƙwayar ido, yana nuna retina, wato tantanin da ke karɓar haske, tare da jijiyoyin jinin da ke kwance a kansa. A mai ciwon suga abu biyu ake nema a ciki, inda jijiyoyi ke yoyo da inda suka toshe, kuma toshewar ce ta fi nuna inda ciwon ya dosa ko da yake yoyon ne ya fi ɗaukar ido.

Alamar farko da ake gani ita ce maikuro'anurizim. Suga da ya daɗe a sama yana kashe ƙwayoyin da ke tallafe bangon ƙananan jijiyoyi, sai bangon ya yi rauni ya bulluƙo waje, a hoto sai ka ga ɗan jan ɗigo mai tsaftataccen baki wanda bai kai faɗin babbar jijiya a bakin faifan ido ba, wato ƙasa da maikuron 125. Faifan ido shi ne wurin da jijiyar gani ke fita daga ido, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. In ya fashe jini ya zuba can cikin retina sai ɗigon ya fi girma ya fi duhu. Jinin da ya zuba a sama-sama kuwa yakan yi jirwaye kamar harshen wuta, wannan yana sa a duba hawan jini shi ma.

Sai farare da rawaye, kuma nan ne mutane ke ruɗewa don ba abu ɗaya ba ne ko kusa. Rawaya mai sheƙi mai kaifin baki kitse ne da furotin da suka rage bayan ruwan da ya yoyo ya tsotse, sau da yawa yana yin zobe, in ka duba tsakiyar zoben za ka tarar da ɗigon da ke yoyon. Fari mai dishi-dishi wanda ba shi da baki, da ake kira tabon auduga, wuri ne da jini ya daina isa sai zaren jijiyar gani ya kumbura. Na farko yoyo ne, na biyu toshewa.

Canjin jijiyoyin kansu ya fi wuyar gani amma gaskiya shi ne abin tsoro. Jijiyar da ke mayar da jini takan yi kauri nan ta tsuke can kamar carbi, alama ce retinar da ke kewaye da ita tana cikin yunwar iska. Akwai kuma irma, 'yan jijiyoyi murɗaɗɗu a cikin naman retina a gefen wurin da ya toshe. In abin ya ci gaba ido yakan tsiro da sababbin jijiyoyi sirara a kan faifan ido ko wani wuri, ba su da ƙwari, su ne ke fashewa jini ya cika ruwan cikin ido ko su jawo tabo ya ɗaga retina daga mazauninta.

Ma'aunin ƙasa da ƙasa na 2003 da ake auna tsananin ciwon da shi yana amfani da ƙa'idar 4-2-1. Ana raba hoton gida huɗu, in akwai zubar jini sama da 20 a kowane gida cikin huɗun, ko jijiya mai carbi a gida biyu, ko irma bayyananniya a gida ɗaya, to ciwon ya kai mataki mai tsanani ko da sababbin jijiyoyi ba su fito ba, ɗaya kawai daga ciki ya isa.

A ɗauka ga mutum yana karatu garau ba ya kukan komai. Idonsa na dama akwai zoben rawaya babba can nesa da makula, wato tsakiyar gani, da ɗigo goma sha wani abu, shi ke nan. Na hagu ba rawaya ko kaɗan, ɗigon ma 'yan kaɗan ne, amma jijiyar sama da ta ƙasa duk sun yi carbi. Wanda bai saba ba idon dama zai nuna, alhali matsakaici ne, hagun ne ya cika lamba 2 ta ƙa'idar, kuma shi ne ke bukatar likitan ido da wuri, kar a ce sai shekara ta zagayo. Da zoben nan kusa da makula yake to da shi ma lissafinsa ya canza, don kumburin makula na iya rage gani a kowane mataki.

Hoton yana da iyaka fa. A shimfiɗe yake, ba ya auna kaurin makula, sai na'urar OCT mai nuna retina hawa-hawa, kuma bambance irma da sabuwar jijiya wani lokaci sai an yi allurar rini ta fuloresin an ga wacce ke yoyo. Yanar ido na dushe hoto har a kasa karanta shi, irin wannan ba a rubuta masa "lafiya lau", sake dubawa ake yi. Ƙura a gilashin kyamara ma tana kama da ɗigo, ana gane ta ne don tana fitowa a wuri ɗaya tak a hoton ido biyun.