Wai mene ne "burawun ambulan" da ƴan jarida ke yawan faɗa?

Burawun ambulan dai kuɗi ne da wanda aka je ɗaukar labarinsa ke miƙa wa ɗan jarida. Sunan ya samo asali ne daga ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa da ake zuba kuɗin a ciki, ko da yake yanzu akawun lamba kawai ake karɓa, kafin ka isa ofis ka ji alat. Ba mai ce masa cin hanci fa, sai dai ka ji "ga kuɗin mota" ko "ga na goro". A Ghana soli suke cewa, a Kamaru kuma gombo.

Ga yadda abin ke faruwa: kwamishina ya kira taron manema labarai, ana gamawa sai jami'in hulɗa da jama'a ya zagayo da takarda kowa ya rubuta sunansa da gidan da yake wa aiki, a ba mutum ɗaya dunƙulen kuɗi ya raba, a ce kowa ya tashi da dubu 10. Ba wanda zai ce maka rubuta kaza. Matsalar sai bayan wata biyu, ranar da ka ji an biya kuɗin kwangilar asibiti a ma'aikatar amma ko bulo ba a aza ba, ka ɗaga waya za ka kira sai kunya ta riƙe ka, ai bakin da ya ci shi ke godiya. Mai sauraro ma yana iya ganewa, in ka ji tashoshi biyar sun karanto labari ɗaya kalma da kalma, ba tambaya ba jin ɗaya ɓangaren, to da walakin.

Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana nema ko karɓar wani abu don a buga labari ko a danne shi. Gaskiya ne wasu gidajen sai su yi watanni ba albashi, kuma su editocin sun san da me wakilansu ke zuwa aiki, laifin ba na yaran kaɗai ba ne.

Ƙin karɓa ba sai da faɗa ba. "Ranka ya daɗe na gode, ofis sun hana mu" ya isa, kuma kar ka sa sunanka a takardar, don wani zai karɓa da sunanka. In alat ne ya shigo ba ka sani ba, gaya wa edita ranar, ka mayar, ka ajiye rasit. Ruwan roba da biro ba komai, amma buhun shinkafar Sallah ko kujerar Makka wannan bashi ne.

Inda ba makawa, kamar wurin da sai a ayarin gwamna ko na sojoji ake shiga, edita ya amince tukuna, sannan a faɗa a cikin labarin kansa: gwamnatin jihar ce ta ɗauki nauyin tafiyar wakilinmu.