Minit na zaman kwamitin unguwa da aka yi da Hausa da Turanci

Minit, ko bayanan zama, takarda ce da sakataren kwamiti yake rubuta abin da aka tattauna da abin da aka yanke a taro, a karanta ta a zama na gaba, a amince da ita, shugaba da sakatare su sa hannu. A kwamitocin unguwanni na Sakkwato, kamar na masallaci, na rijiyar burtsatse, na iyayen yara da malamai da na asibitin mazaɓa, da wuya a gama zama da harshe ɗaya. Liman ya buɗe da addu'a, mai unguwa ya yi magana da Sakkwatanci, injiniya ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ya kawo lissafi da Turanci, matasa kuma su riƙa haɗa biyun cikin jimla guda. Sakatare shi ne zai fitar da takarda ɗaya daga cikin wannan duka, wadda kowa zai yarda cewa abin da ke cikinta shi aka yanke.

Harshen da ake rubutawa

Babu wata doka da ta ɗora wa kwamitin unguwa harshen rubutu. Ko majalisar dokokin jiha, sashe na 97 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce za ta gudanar da aikinta da Turanci, amma tana iya ƙara wani harshen da ake yi a jihar idan ta amince da haka. Kwamiti ke nan shi zai zaɓa wa kansa, kuma ya kamata ya zaɓa tun a zaman farko, a rubuta zaɓin a littafin.

Sakatarori da yawa suna rubutawa da Turanci, domin da shi suka koyi tsarin minit a makaranta ko a ofis, kuma shi banki da hukuma suke karɓa. Illar wannan ita ce a zama na gaba sakatare zai riƙa fassarawa da baki yana karantawa, dattawa su amince da abin da suka ji, alhali abin da aka sa wa hannu yana iya bambanta da shi. Wasu kuma suna bin bakin mai magana: wanda ya yi Hausa a rubuta masa Hausa, wanda ya yi Turanci a rubuta masa Turanci. Wannan yana kama da adalci, amma yakan haifar da takardar da rabin kwamiti ba sa iya bin rabinta. Ga kwamitin da mafi yawan mambobinsa suka fi sakewa da Hausa, hanyar da ta fi aminci ita ce a rubuta minit ɗin gaba ɗaya da Hausa, shi ne asali, sannan a ciro hukuncin da banki ko hukuma ke buƙata a fassara shi zuwa Turanci a takarda dabam.

Hausar da ake rubutawa galibi daidaitacciya ce. Dattijo zai ce "munka aminta", sakatare ya rubuta "mun amince", kuma ba a rasa komai ba. Sai dai a kula da haruffa masu ƙugiya, musamman idan a waya aka buga, domin "kafa" da "ƙafa" ko "baki" da "baƙi" ba abu ɗaya ba ne.

Inda ma'ana ke zamewa

Fassarar doguwar muhawara ba ta cika jawo rigima ba, tunda minit taƙaitawa yake yi. Rigima tana fitowa ne daga wurare kaɗan, kuma kuɗi ne na farko.

Mai Turanci yakan yanke lissafi, ya faɗi "ɗaya da hamsin" da Turanci yana nufin dubu 150. Hausa ma tana da nata tarkon. "Dubu ɗari da hamsin" a bakin kusan kowa 150,000 ce, amma a tsantsar lafazi tana iya zama 100,050. Tsofaffi har yanzu sukan yi lissafi da jaka, wato naira 200, wadda asalinta fam ɗari ce kafin a kawo naira a 1973, lokacin da fam ɗaya ya zama naira biyu. Ɗan kasuwar da ke hulɗa da Ƙonni ta Nijar ta hanyar Illela kuwa, jikarsa ta sefa dubu ɗaya ce. Saboda haka kowane kuɗi ana rubuta shi sau biyu, da lamba da kalmomi, a kuma ambaci cewa naira ce.

Na biyu shi ne sunan kuɗin. Kalmar Turanci ɗaya da ake fassarawa da "gudummawa" tana iya nufin abin da mutum ya bayar don ransa, tana kuma iya nufin kason da aka yanka masa dole. A kunnen Bahaushe gudummawa ba a tilasta ta. Haka nan tallafi ba a mayar da shi, rance kuwa ana biya. Idan sakatare ya ɗauki kalma mai laushi ya rubuta a wurin da aka yanke abu mai tsauri, ranar karɓar kuɗi ce za ta tona.

Na uku shi ne ladabin Hausa. Idan shugaba ya ce "to, an ji" ko "za a duba", bai amince ba tukuna, wani lokacin ma ya ƙi ne cikin mutunci. Sakataren da ke tunani da Turanci yakan ji "to" ya rubuta an amince. Sannan Hausa tana ba da damar a faɗi aiki ba tare da mai yinsa ba: "a gyara famfon", "a sanar da hakimi". A zaure wannan kunya ce da girmamawa, ba a nuna babba da yatsa a ce kai za ka yi. A takarda kuwa, aikin da ba a rubuta mai yinsa ba yakan kwana har zama na gaba. Lokaci ma haka yake: "jibi", "gata" ko "bayan Sallah" dole a mayar da su rana da wata, kuma idan wani ya ce "watan tara" a tambaye shi Satumba yake nufi ko watan azumi.

Misalin zama guda

A ɗauka kwamitin rijiyar burtsatse ne a wata unguwa ta Mabera, mai mambobi 11, sun zauna ranar Asabar 7 ga wata bayan La'asar domin famfon sola ya lalace. Wani matashin injiniya cikin mambobi ya yi bayani da Turanci: gyara zai ci naira 450,000, a asusu akwai 180,000, saura 270,000, gidaje 90 ne ke ɗiban ruwa, don haka kowane gida ya ba da 3,000. Ya yi amfani da waccan kalmar Turanci mai fuska biyu da ake fassarawa da "gudummawa". Mai unguwa, wanda shi ne shugaba, ya gyaɗa kai ya ce "to, madalla". Aka shiga maganar mai gadin rijiyar.

Da sakatare ya rubuta abin da ya ji ya wuce, da minit ya ce an amince kowane gida ya biya 3,000. Sai ya dakatar da zaman, ya ce: "Ranka shi daɗe, in karanta abin da na rubuta a ji ko haka ne. Kowane gida zai biya naira dubu uku, dole."

Mai unguwa ya ce: "A'a, Malam Sakatare. Abin da munka ce, kowa shi kawo abin da yas samu."

Nan aka gane cewa injiniya da mai unguwa sun rabu da fahimta biyu, kowannensu yana zaton an bi tasa. Aka koma kan maganar da Hausa. Liman ya nemi a cire gidajen da mazajensu suka rasu, aka ƙirga su shida. Wakiliyar mata ta tambayi wa zai cike gurbinsu, tunda gidaje 84 sau 3,000 naira 252,000 ce, saura 18,000. Ma'aji ya ce kuɗin da ake karɓa hannun masu kurar ruwa a wata zai rufe wannan. Aka ɗaga hannu. Abin da ya shiga littafi shi ne:

"Batu na 3, gyaran famfon sola. Injiniya ya gabatar da kiyasin naira 450,000 (dubu ɗari huɗu da dubu hamsin), bayanin da Turanci, an fassara shi a zaman. An yanke cewa gidaje 84 za su biya naira 3,000 (dubu uku) kowanne, kaso ne na dole. An yafe wa gidaje 6 na matan da mazajensu suka rasu. Cikon naira 18,000 (dubu goma sha takwas) zai fito daga kuɗin masu kurar ruwa. Ma'aji ne zai karɓa, ya ba da rasit, zuwa Juma'a 20 ga wata. Mutum 8 sun amince, 2 sun ƙi, 1 bai ɗaga hannu ba."

Muhawarar kusan rabin awa ta koma layi kaɗan. Ba a rubuta cewa mai unguwa ya fara fahimtar abin dabam ba, domin minit ba wurin kunyata kowa ba ne, kuma wannan bai canza hukuncin ba. An dai rubuta cewa bayanin injiniya da Turanci ya zo kuma an fassara shi, saboda kada wani ya ce daga baya an yanke abin da bai ji ba. Takardar kiyasin da mai gyara ya bayar, wadda take da Turanci, an maƙala ta a bayan shafin yadda take, ba a fassara ta ba.

Karanta hukunci da ƙarfi kafin a bar batun shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi tsallakewa, domin ƙaramin sakatare yana jin nauyin katse manya. Ya fi sauƙi idan shugaba da kansa ya mayar da shi al'ada, ya riƙa cewa "Sakatare, karanta muna" a ƙarshen kowane batu.

Takardar banki da gyara

Don a cire naira 180,000 daga asusu, banki zai iya neman hukuncin kwamiti a rubuce da Turanci. Ana fassara sakin da ya shafi cire kuɗin kawai, a sa masa ranar zama da lambar batu iri ɗaya da ta littafi, a rubuta a ƙasa cewa fassara ce daga minit na Hausa. Yana da kyau wani mamba mai harsuna biyu, wanda ba shi ya fassara ba, ya mayar da ita Hausa da baki a gaban shugaba kafin a sa hannu. Idan abin da ya faɗa ya saɓa wa littafi, fassarar ake gyarawa.

Ana gane minit ya samu matsala idan a zama na gaba mutane biyu suka tuna adadi biyu, ko wani ya ce "ba haka na ce ba", ko aka tarar da aikin da kowa ya ɗauka na wani ne. Gyara ba a yin sa da gogewa ko yage shafi. Ana ja wa kuskuren layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, shugaba da sakatare su sa hannu a wurin, a kuma ambaci gyaran a minit na ranar. Mamban da ba ya karanta boko ana karanta masa, kuma yana iya rubuta sunansa da ajami a takardar mahalarta.