Idan lamba ba ta karantu a takardar lodi ba, me za a shigar?

Ina shigar da takardun lodin motocin albasa da ke sauka a kasuwar Mile 12 cikin Excel. Wata ruwa ya taɓa ta, wata kwafin kabon ne da ya dishe. In lamba ba ta fito ba, in sa wadda na fi zato?

Kada ka sa, ɗan'uwa. Da zarar lambar zato ta shiga gurbinta, ba mai iya bambanta ta da wadda ka karanta da idonka, har kai kanka bayan mako guda. Maigida zai biya direba da 'yan dako a kanta, kuma ranar da lissafi ya ƙi daidaituwa ba a san layin da za a koma ba.

Ka bar gurbin lambar ba komai, sannan ka buɗe wani gurbi kusa da shi wanda aikinsa kawai faɗin halin da lambar take. Hali uku ne, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai inda mai rubutu bai rubuta komai ba tun daga wurin lodi: BABU. Akwai inda an rubuta amma ya goge: BAI_KARANTU. Akwai inda kana gani amma tsakanin lamba biyu kake: SHAKKA. Na farko sai a tambayi wanda ya yi lodin, sauran biyun kuwa asalin takardar da ke hannun direba ta isa ta warware su.

```
mota,buhu,hali,bayani
1,120,DAIDAI,
2,,BAI_KARANTU,ruwa ya goge
3,,SHAKKA,120 ko 170
```

To in sa 0 mana, ko in rubuta "babu" a wurin lambar?

Sifili ya fi zato ɓarna, domin cewa yake motar ta iso ba buhu ko ɗaya. A ce motoci huɗu ne: 120, 130, 110, ta huɗu ba ta karantu ba. In ka bar gurbin wayam, `AVERAGE` zai ba ka 120. In ka sa 0, zai ba ka 90, kuma ba zai yi maka gargaɗi ba. Kalma a cikin gurbin lamba ita ma tana da illa: `SUM` zai tsallake ta shiru, jimilla ta fito ƙasa da gaskiya.

Abin da na fi gani yana lalata aiki shi ne kowa da alamarsa. Wannan ya sa "?", wancan ya ja layi, wani ya rubuta "nil". Ku tsayar da kalmomin nan, ku kulle gurbin da Data Validation yadda ba za a iya rubuta wata ba. Sannan ne wannan zai ƙirga maka layin da ke jiran bincike:

```
=COUNTIF(C:C,"BABU")+COUNTIF(C:C,"BAI_KARANTU")+COUNTIF(C:C,"SHAKKA")
```

Duk jimillar da za ka kai wa maigida, ka haɗa ta da adadin layin da ba su shiga cikinta ba.

In zan iya gano lambar ta hanyar lissafi fa?

Wannan ba zato ba ne, amma yana da iyaka. Ɗauki mota ta uku. Lambar tsakiya ko 2 ce ko 7. A ƙasan takardar an rubuta kuɗin mota naira 300,000, kuma ana biyan 2,500 kan kowane buhu. Raba ka samu 120. Da 170 ne, da kuɗin ya zama 425,000. Sai ka shigar da 120, amma a gurbin hali ka rubuta LISSAFI, bayan ka ƙara ta cikin kalmomin da kuka tsayar, ka faɗi yadda ka same ta a bayani. Dalili kuwa, wataƙila an yi wa mai kaya rangwame, ko direba ya karɓi wani kaso tun a hanya, kuɗin da ke takardar ya zama ba cikakke ba ne.

Lambar waya da lambar mota ba sa karɓar wannan dabara. Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce. In goma suka fito, na goma sha ɗaya ba shi da hanyar ganowa. Ka rubuta abin da ya fito a bayani, ka sa X a wurin da ya ɓace.

Muna amfani da manhajar da ke karanta hoton takarda. Ita ma sai an yi mata haka?

Ita ta fi buƙata, don sau da yawa takan fitar da harafi ko bai fito sosai ba: 8 ta zama B, 0 ta zama O. Tesseract, alal misali, tana ba kowace kalma makin tabbas har zuwa 100. A tsayar da iyaka, duk abin da ya gaza ta a mayar da shi `null`, wato gurbi wayam, da alamar SHAKKA, mutum ya duba hoton. Rasit ɗin POS kuma a ɗauki hotonsa ranar da aka karɓa, domin zafi da rana suna goge rubutunsa.